Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har jawabin maraba ya fita lafiya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, taron wayar da kai kan sikila da ƙungiyar unguwarmu ta shirya a harabar makarantar firamare ya gudana ranar Asabar bayan La'asar, an kuma tashi lafiya kafin Magariba. Tun daren nan mutane ke tare ni a masallaci da bakin titi suna cewa Malam Sakatare, jawabin maraban nan ya yi. Na ga bai kamata in yi ta karɓar yabon da ba nawa ni kaɗai ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ranar Laraba da daddare shugaban ƙungiya ya kira ni ya ce ni zan yi wa baƙi maraba, minti 3 kacal, kuma yana so in ɗan taɓa abin da aka taru a kai don mutane su san me ya kawo su. Sai ya turo mini shafukan majigin da Likitar da za ta yi bayani a taron za ta yi amfani da su, guda 26, duk da Turanci, cike da hotunan ƙwayoyin jini da jadawali. Ni kuwa malamin lissafi ne, ban taɓa aikin asibiti ba.

Abin da na fara yi shi ne abin da bai kamata ba. Na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ina fassarawa ina taƙaitawa. Da na karanta wa uwargida tana riƙe da agogon waya, sai da na ci minti 9, kuma ban ma sa gaisuwar manyan baƙi ba. Ta ce, "Malam, in ka faɗi duk wannan, ita Likitar me za ta tashi ta ce?" Godiyata ta farko tata ce. Daga wannan tambaya na gane cewa aikina in buɗe wa Likita ƙofa ne, ba in shiga ɗakin in zauna a kujerarta ba.

Washegari na sake zama da takarda, na raba shafukan gida uku. Akwai waɗanda ke faɗin dalilin taron, akwai waɗanda ke bayanin yadda ciwon yake a jiki, akwai na magani da kulawa. Na biyun da na ukun duk na bar wa mai su. Har da wanda ya fi burge ni, wanda ke nuna cewa jan ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila kuwa tana mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jininsu ke yawan ƙaranci. Na so in faɗe shi, amma duk wanda ya ji zai yi tambaya, ni kuma ba ni da amsa ta biyu. Sunayen magunguna ko kusa ban je ba, domin mutum na iya jin suna a bakina ya wuce kemis ya saya. Abin da ya rage mini shafi uku ne: na yawan masu ɗauke da ƙwayar gadon, na yadda ake gadonta, da na gwaji kafin aure.

A nan ne na kusa yin kuskuren da da ya ɓata taron, kuma a nan ne ƙanwata, wadda nas ce, ta cece ni. Shafi na 11 ya nuna cewa idan AS, wato mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba shi da ciwon, ya auri AS, a haihuwarsu kashi 25 cikin 100 SS ne, wato mai sikila, kashi 50 AS, kashi 25 AA, wanda ba ya ɗauke da ƙwayar. Ni da nake neman Hausa mai sauƙi sai na rubuta: cikin 'ya'ya huɗu da za su haifa, ɗaya zai zama mai sikila. Na tura mata ta WhatsApp. Ko minti 5 ba a yi ba ta kira.

"Yaya, goge wannan layin. Ba haka ba ne."

Na ce ai kashi 25 ɗaya bisa huɗu ne, wannan kam fannina ne. Ta ce lissafin daidai ne, maganar ce ba daidai ba. Kason na kowane ciki ne shi kaɗai, cikin da ya wuce ba ya rage wa na gaba komai. Ta ce ta sha ganin uwar da ta haifi na fari SS, aka ce mata ta kwantar da hankali, ukun da ke tafe lafiyayyu ne, sai na biyu ma ya zo da shi. Akwai kuma gidan da AS da AS suka haifi huɗu ba ko ɗaya mai ciwon, sai maƙwabta su riƙa kafa hujja da su cewa gwajin ƙarya ne. Na ɗauki biro na buga: uku bisa huɗu sau kansa har huɗu ya ba ni 81 bisa 256, wato kusan gida ɗaya cikin uku na irin waɗannan ma'aurata za su haifi huɗu ba su ga SS ba. Kunya ta kama ni, don abin da nake koya wa 'yan aji biyu na babbar sakandare ke nan da kwabo da ɗan lido.

Ta kuma nuna mini wani tarkon. Akwai ɗaya cikin huɗu har biyu a shafukan. Na farko yana cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ƙwayar gadon, wato AS ne, kuma galibinsu lafiyarsu ƙalau. Na biyu shi ne na cikin da muka yi magana. A majigi kowanne da shafinsa da hotonsa, ido na raba su. A kunne kuwa haɗewa za su yi, dattijo ya koma gida ya ce an ce kwatan mutanen ƙasar nan sikila gare su. Saboda haka na riƙe na farko da adadinsa, na biyun kuma na faɗe shi ba tare da lamba ba. Allah Ya saka miki, ƙanwata, Ya ba ki ladan kwanan asibitin da kike yi.

Godiya ta musamman ga wata baiwar Allah a layinmu, uwa ga yara biyu masu sikila, wadda ba zan bayyana ta ba. Na kai mata takardar ranar Juma'a don in ji yadda za ta sauka a kunnen wanda abin ya shafa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, kalmar nan 'annoba' da ka sa, 'ya'yana za su zo taron fa." Na cire ta nan take. Ita ce kuma ta sa na ƙara jimlar da ke cewa uwa da uba ne ke bayarwa tare, domin ta ce har yau akwai dangin mijin da ke ɗora wa mace laifi ita kaɗai.

Ga tsakiyar jawabin kamar yadda na karanta, bayan sallama da gaishe da Mai Unguwa, Liman, iyaye mata da Likita:

"Mun tara ku yau kan ciwon da kowa a nan ya san gidan da yake, amosanin jini, wanda muka fi sani da sikila. Ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa ta cin abinci tare ko zama tare. Gadonsa ake yi, daga uwa da uba baki ɗaya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da ƙwayar gadon, da yawa ba su ma sani ba, domin ba ta hana su noma ko kasuwa. Idan biyu masu ɗauke da ita suka yi aure, kowane ciki da nasa rabon, na fari bai kare na biyu ba. Gwajin jini ne ke nunawa, kuma ba shi ne gwajin rukunin jini na A da B da O da ake yi wa mai ba da jini ba. Tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, wannan yana ciki. 'Ya'yanmu masu sikila suna tare da mu a wannan fili, suna karatu, suna sana'a, taron nan nasu ne kafin kowa. Yadda abin yake da yadda ake kula da su, ga mai shi nan ta zo. Likita, bismillah."

Duka da gaisuwa minti 3 da 'yan daƙiƙu. Gaisuwar kaɗai ta kusa cinye minti guda, kuma ba ta raguwa, don ba a tsallake Mai Unguwa saboda agogo. Wanda za a ba irin wannan aiki nan gaba ya cire mintin nan tun kafin ya fara rubutu.

Sai kuma abin da ba mu shirya masa ba. Likita na kai wa shafi na 8 aka ɗauke wuta, janaretan da muka aro ya yi tari biyu ya yi shiru. Hasken rana ma dama ya sa majigin bai fita sosai a bangon ajin ba. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce a ba ta goro. Baba mai goro na bakin masallaci ya miƙo fari biyu da ja biyu daga cikin huhunsa. Ta ari hula biyu, ta sa fari ɗaya da ja ɗaya a kowacce, ta ce wannan hular uba ce, wannan uwa, fari A, ja S. Ta kira wani yaro ya rufe ido ya zaro ɗaya daga kowace hula. Ja da fari. Ta mayar da su ciki, ta girgiza, ya sake zarowa. Ja da ja. Ta mayar, ya sake: ja da ja kuma. Fili ya ɗauki salati. Liman ya ce, "Likita, ashe mayarwar nan ita ce maganar." Ta ce, "Ita ce, Allah gafarta Malam." Abin da na kwana biyu ina neman jimlarsa, goro huɗu suka gama shi. Likita, mun gode, Allah Ya ƙara basira. Baba ma ya ƙi karɓar kuɗin goronsa.

Ina godiya ga Mai Unguwa, ranka ya daɗe, da ya zauna har aka shafa fatiha, ga shugaban makaranta da ya ba mu fili da bencina, ga matasan da suka share wuri suka ɗauko kujeru, da iyaye mata da suka cika ɓangarensu tun kafin maza su fito daga masallaci. Mai janareta ma mun gode, mun san ba da gangan ba ne.

Masu tambayar gwaji, an rubuta sunaye a wurin ma'ajin ƙungiya, za a sanar da ranar a masallaci. Likita ta ce wanda aka ƙara wa jini kwanan nan ya faɗa kafin a ɗiba, domin jinin da aka sa masa na iya ɓata sakamakon, sai an jira kamar wata 3. Akwai kuma hula ɗaya cikin biyun nan da har yanzu take hannuna, zanna bukar ce ruwan toka, mai ita ya same ni bayan Isha'i.