Yadda na rage wa karena kilo 8 ba tare da na bar shi da yunwa ba

Karen gidanmu ruwa biyu ne, uwarsa Labrador, shekararsa 6, kuma tun da aka yi masa fiɗiya ya soma tara jiki, ni kuma ina ganin ai lafiya ce. Sai ranar da na ga daga bakin get zuwa bayan gida ya tsaya sau biyu yana haki, harshe a waje, nan hankalina ya tashi na kai shi wajen likitan dabbobi.

Aka ɗora shi a sikeli, kilo 36. Likitar ta kama hannuna ta ɗora a haƙarƙarinsa ta ce, "Malam, lalubo min ƙashi." Wallahi sai da na danna sosai kafin na ji wani abu, ƙugu ma babu, ya cike kamar buhu. Ta ce suna da ma'aunin ƙiba daga 1 zuwa 9, daidai shi ne 4 zuwa 5, nawa yana kan 8, kuma duk maki ɗaya sama da 5 kamar ƙarin kashi 10 cikin 100 ne. Wato ya wuce da kashi 30. Aka raba 36 da 1.3, ya ba da kusan kilo 28, nan za mu nufa. Ta ɗebi jini ma tukuna, don akwai ciwon da ke sa ƙiba, kamar raunin sinadarin tayirod, ya fito lafiya lau.

To lissafin abinci da 28 ɗin ake yi, ba da 36 ba, in ka yi da nauyin yanzu kitsen kake ci gaba da ciyarwa. Ga abin da ta rubuta min:

```
RER = 70 × (kg)^0.75
```

Kuzarin da jiki ke buƙata a rana ke nan in yana hutawa. Kar 0.75 ɗin ta tsorata ka, a kalkuletar waya ka buga 28 × 28 × 28, ka danna √ sau biyu, za ka ga 12.17, sau 70 ya zama kalori 852 a rana. Na ware 85 na ɗan abin lasawa, saura 767. Buhun abincinsa an rubuta kalori 3,400 a kilo, sai ya kama giram 225, rabi safe rabi yamma. Da na auna abin da nake zuba masa da kofi a da, ya haura giram 400, sai da na ji kunyar karen.

Ƙa'idar ita ce ya riƙa sauke kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a sati, wato giram 360 zuwa 720. In ya wuce haka tsoka ce ke zubewa tare da kitsen, kare ya yi laushi, gashi ya dushe.

Wata guda ina aunawa da sikelin kicin ba fashi, muka koma asibiti, giram 300 kacal ya sauke. Raina ya ɓaci, har na ce a rage abincin kawai, likitar ta ce a'a, in fara bincika gida. Ai kuwa wani dare na fito na tarar da mai gadinmu, dattijo mai tausayi, yana juye masa ragowar shinkafa da miya da fatar kaza. Na ce, "Baba, ashe kai ne?" Ya ce, "Alhaji, idonsa ne ba na iya jurewa." Babban cokalin mai guda ɗaya kusan kalori 120 ne, ya riga ya cinye rabon lasawar gaba ɗaya har da ƙari, ga albasar miya wadda ke lalata wa kare jini. Ban yi faɗa ba, na mayar da abincin yamman hannunsa, kullum da safe in auna in zuba a roba mai murfi, shi zai ba shi, in karen ya matsa da roƙo a yanka masa karas ko kokwamba.

Daga nan abu ya fara tafiya, wajen giram 400 a sati, muna aunawa duk sati biyu a sikeli ɗaya kafin ya ci. Tattaki kuma minti 10 muka fara da shi bayan asuba, saboda kare mai ƙiba zafin rana na iya kayar da shi, a hankali muka kai minti 30, ban bar shi gudu ko tsalle ba don gwiwoyinsa.

Da ya kai kilo 31 sai sikeli ya tsaya cak kusan wata guda. Likitar ta rage kashi 10 cikin 100 na abincin, ta kuma canza masa zuwa abincin da aka yi musamman don rage ƙiba, don in kana ta rage na yau da kullum furotin da bitamin ma raguwa suke yi. Ya fi tsada gaskiya, amma yana cika ciki, roƙon ya ragu. Wata 7 muka ɗauka kafin ya taka 28, yanzu in na shafa gefensa haƙarƙari na nan ƙarƙashin yatsuna, kuma har yau Baba ne ke riƙe da robar yamma.