Ranar da Oga ya hana ni taɓa TRANSPOSE

Na yi kusan wata huɗu ina koyon fiyano a wani ƙaramin sutudiyo, kuma a duk tsawon wannan lokaci fararen maɓallai kaɗai na sani. Fiyanon mai maɓalli 61 ce, amma baƙaƙen da ke jikinta ban taɓa ɗora musu yatsa da gangan ba. Duk waƙar da aka kawo, daga maɓallin da ake kira C nake kama ta. In muryar mawaƙi ba ta zauna a nan ba, sai in danna TRANSPOSE, na'ura ta ɗaga sautin ko ta sauke shi, ni kuwa yatsuna suna nan inda suka saba.

Wata rana da yamma wata mawaƙiya ta zo gwada waƙar biki. A C muryarta tana nutsewa, amma da aka ɗaga kaɗan zuwa D sai ta fito fes. Na miƙa hannu zan danna, Oga ya riƙe mini wuyan hannu.

"A'a, ƙanena. Yau da yatsunka za ka je D."

Na ce, "Oga, ai ban haddace ta D ba."

Ya ce, "Ba hadda ba ce. Lissafi ne, kuma bai kai na cefane wuya ba."

Na ɗora babban yatsa a kan D, na bi farare takwas har zuwa D ta sama, kamar yadda nake yi daga C. Tun a sauti na uku kunnena ya gaya mini an bar hanya. Do, re, suka fito daidai, amma mi ta fito a ƙasa da inda ya kamata, kamar mutum ya taka matakalar da ta fi sauran gajarta. Mawaƙiyar ta ɗago kai ta dube ni. Oga ya karɓi aikin ya gama mata, bayan ta tafi ya jawo kujera ya zauna kusa da ni da wata tsohuwar takardar rasit da biro.

Abin da ya fara nuna mini shi ne ratar da ke tsakanin maɓallai. Daga kowane maɓalli zuwa maƙwabcinsa na kurkusa, fari ne ko baƙi, rabin taki ne. Biyu irin wannan su ne cikakken taki. Ya sa na kalli fiyanon da kyau: baƙaƙen suna zaune ne biyu, uku, biyu, uku. Inda aka bar giɓi tsakanin rukunin biyu da na uku, farare biyu ne ke manne da juna babu baƙi a tsakaninsu, wato E da F, sai kuma B da C. Waɗannan wurare biyu rabin taki ne duk da cewa fari ne zuwa fari. Sauran fararen duk akwai baƙi a tsakani, don haka cikakken taki ne. Ni a da ina ɗauka tazarar duk fararen ɗaya ce, tunda a ido faɗinsu ɗaya.

Sai ya rubuta jerin lambobi a bayan rasit ɗin, 2 na nufin cikakken taki, 1 na nufin rabi:

```
2 2 1 2 2 2 1
```

Ya ce wannan ita ce sikel ta mejo, wato jerin sautukan do-re-mi, daga ko'ina aka fara ta. Dalilin da ya sa C take fitowa da farare zalla shi ne, in ka fara daga nan, rabin takin E zuwa F da na B zuwa C suna faɗowa daidai a gurbi na uku da na bakwai. Wanda ya saba da do-re-mi ya san wuraren: mi zuwa fa, da ti zuwa do. In ka matsa zuwa D ka ci gaba da bin farare, rabin takin sun goce daga gurbinsu, shi ya sa waƙar ta karkace.

Ya bar ni da takardar ya fita sallar magariba, ni ma na bi bayansa, da muka dawo na zauna na fara ƙirge. Nan na yi kuskuren da ya fi ɓata mini lokaci. Na ɗora yatsa a kan D na ce "ɗaya", na matsa zuwa baƙin da ke gabansa na ce "biyu", na tsaya. Wato ina haɗawa da maɓallin da nake tsaye a kai cikin lissafi. Takina biyu ya koma ɗaya. Da na iso wurin lamba 1 kuwa, sai na ga babu inda zan je, don maɓallin da nake kai ya riga ya cinye ɗayan. Wannan ne ya nuna mini akwai matsala. Abin da ake ƙirgawa shi ne motsi. Inda kake tsaye sifili ne, sai ka ɗaga yatsa ka sauke a gaba sannan ka ce ɗaya.

Da na gyara, ga yadda D ta fito. Daga D, biyu ya kai ni E. Daga E, ɗaya F ne, biyu kuma baƙin da ke gabansa, F shaf, wato F da aka ɗaga da rabin taki, ana rubuta shi F#. A nan ne yatsa yake son ya tsaya a F saboda sabo, dole sai ka tsallake shi. Daga F shaf, rabin taki ya kai ni G. Sai biyu zuwa A, biyu zuwa B. Daga B kuma irin abin da ya faru a E ya sake faruwa: ɗaya C, biyu C shaf. Rabin taki na ƙarshe ya dire ni a kan D.

```
D E F# G A B C# D
```

Na buga ta sau ɗaya daga ƙasa zuwa sama, na ji do-re-mi ɗin da na sani ta fito sak, sai dai ta ɗan fi tsayi. Na daɗe ina maimaita C shaf zuwa D, saboda yadda sautin yake jan kunne zuwa gida. In ka tsaya a kan C shaf ka ƙi ƙarasawa, za ka ji ranka bai kwanta ba, kamar an yanke maka zance a tsakiya. Wannan jan daga ƙanƙantar ratar yake fitowa.

Oga ya koya mini hanyar bincikar kaina ba tare da na kira shi ba. In ka tara lambobin bakwai, 12 za su ba ka, kuma rabin taki 12 ne daga D zuwa D ta gaba. Saboda haka in ka gama taki bakwai ka sami kanka a kan wani harafi daban da wanda ka fara, to ka zubar da rabin taki a hanya ko ka ƙara. Sai dai wannan awo yana da iyaka. Za ka iya musanya gurbin 1 da 2 ka kuma dire daidai, tunda jimillar ba ta canja ba. Irin wannan kuskuren kunne ne ke kama shi, don haka kullum nake rera do-re-mi da baki yayin da nake bugawa.

Bayan kamar mako biyu aka kawo wata waƙa mai sanyi, ta ta'aziyya, Oga ya ce a D maino za a yi ta. Na yi farin ciki, domin na tuna abin da na buga ranar farko, farare daga D zuwa D, ya yi mini kama da sautin jimami. Na ɗauka ashe maino ɗin ce na buga ban sani ba. Na kama kiɗa, komai yana tafiya, har waƙar ta hau zuwa sauti na shida. Na danna B, Oga ya yamutsa fuska.

"Ƙirga mini," in ji shi, ya rubuta jeri na biyu a ƙasan na farko:

```
2 1 2 2 1 2 2
```

Wannan ita ce maino ta asali, wadda ba a taɓa mata komai ba. Daga D, biyu E, ɗaya F, biyu G, biyu A. Har nan farare sun yi daidai. Amma daga A rabin taki ake so, ni kuwa B da na danna cikakken taki ce. Baƙin da ke tsakanin A da B shi ne gurbin. Daga shi biyu ya kai C, biyu ya kai D. Abin da na buga a baya jerinsa 2 1 2 2 2 1 2 ne, wani salo daban da ake kira Doriyan, kuma sauti guda ne tak ya raba shi da maino. Shi ma jimillarsa 12 ce, shi ya sa awon tarawa bai kama ni ba.

Da na zo rubutawa na sa wa baƙin suna A shaf, tunda daga A na hau. Oga ya soke shi da biro. Ya ce kowace sikel mai sauti bakwai tana ɗaukar haruffa bakwai ɗin nan kowanne sau ɗaya, ba maimaici ba tsallake. In na rubuta A da A shaf sannan C, na ci A sau biyu na bar B a waje. Maɓallin dai shi ne, amma a nan sunansa B filat, wato B da aka sauke da rabin taki, ana rubuta shi Bb. Da farko na ga kamar tsanani ne kawai, sai da na fara karanta rubutun wasu makaɗa na gane amfaninsa: harafin yana gaya maka matsayin sautin a cikin jerin, na shida ne ko na biyar. Tun daga ranar nake fara jera haruffan tukuna, D E F G A B C D, sannan in bi su da ƙirge ina manna shaf ko filat inda rata ta nema.

Na ajiye biyun ɗaya bisa ɗaya a takarda:

```
D E F# G A B  C# D
D E F  G A Bb C  D
```

Wuri uku ne suka bambanta, na uku da na shida da na bakwai, kowanne an sauke shi da rabin taki. Na ukun shi ya fi saurin bayyana, domin tun daga F kunne yake sanin cewa an shiga maino. Na bakwai kuwa shi ya fi ba yatsuna wahala. Na riga na saba da jan C shaf, sai in riƙa kai hannu gare shi a ƙarshen layi. A maino ta asali cikakken taki ne daga C zuwa D, ana shiga gida ne a hankali babu wannan jan. Akwai wata maino da ake ɗaga na bakwai ɗin da gangan, amma waƙar da muke yi ba ita take nema ba, C mawaƙin yake rerawa, kuma duk lokacin da na danna C shaf muna karo.

Abu na ƙarshe ni na tsinto shi da kaina wani dare da aka ɗauke wuta, ina zaune da fitilar waya da takardata. Na ce bari in gina mejo daga F. Biyu G, biyu A, ɗaya B filat, biyu C, biyu D, biyu E, ɗaya F. Na duba, sai na ga sautukan D maino ne gaba ɗaya, B filat guda da farare shida, wurin farawa kawai ya bambanta. Na koma kan lambobin: in ka fara karanta jerin mejo daga lamba ta shida, ka zagayo ta farko, 2 1 2 2 1 2 2 za ka samu. Kenan kowace mejo tana da 'yar'uwarta maino a kan sautinta na shida, rabin taki uku ƙasa da inda ta fara. F da D maino haka suke, C da A maino ma haka.

Da safe na nuna wa Oga takardar. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ɗora yatsana a kan baƙin da ke tsakanin D da E.

"To, ƙanena, gina mini mejo daga nan. Ka fara gaya mini sunan da za ka kira shi."

Na jera haruffa daga D, na ga tun a sauti na uku sai na ɗora wa F shaf biyu. Na sake jerawa daga E, komai ya zauna da filat uku, a kan E da A da B. Na ce, "E filat, Oga." Ya miƙo mini biron.