Sandar da ba a gani a jadawalin aiki

A wajen aikin gini na koyi zana jadawalin Gantt da Excel, wato zanen da ke nuna kowane aiki da sanda daga ranar farawarsa zuwa ta gamawarsa, kuma abin da na fara ganewa shi ne Excel ba shi da wannan zane a jerin zane-zanensa. Dabara ake yi masa da Stacked Bar, inda kowane aiki ke samun sanda biyu manne da juna. Ta farko ranar fara aiki ce, ta biyu yawan kwanakinsa. Sai a danna ta farkon, a shiga Format Data Series, a zaɓi No Fill. Tana nan daram, launi kawai aka cire mata, kuma ita ke tura ta biyun zuwa ranar da ta dace.

Ga misali. Haƙa tushe zai fara 3 ga Maris 2025, ya ƙare 7 ga wata. Idan ranar farawa na B2, ta gamawa na C2, sai a rubuta wannan don samun yawan kwanakin:

```
=C2-B2+1
```

Wannan ɗayan da aka ƙara ba ado ba ne. In babu shi kwana biyar sun koma huɗu, aikin yini guda kuwa, kamar zuba kankare, ba zai fito a zanen ba sam.

Inda na fi daɗewa kafin na fahimta shi ne layin kwanan wata. A wurin Excel rana lamba ce kawai, yana ƙirga ta daga 1 ga Janairu 1900. Ranar 3 ga Maris 2025 ita ce 45719. Ke nan sandar da aka ɓoye tsawonta ya haura kwana dubu arba'in da biyar, ta haƙa tushe kuma kwana biyar kacal. In layin ya faro daga sifili, duk ayyukan sai su cure a gefen dama, da ƙyar ake ganinsu. Maganin shi ne a shiga Format Axis, a rubuta 45719 a Minimum, a sa 7 a Major. Da yake ranar Litinin ce, kowane tsaga zai faɗo a kan Litinin. Amma lambar ba ta motsi da kanta. In aka ɗage fara aikin, da hannu za a canza ta.

Ayyukan kan fito a juye, rufi a sama, tushe a ƙasa. Zaɓin Categories in reverse order, da ke cikin Format Axis na layin sunayen ayyuka, ke gyara wannan, sai dai kwanan watan zai koma saman zanen, ni kuwa can ma na fi son sa.

Wani abokin aikinmu ya taɓa ɓoye ginshiƙin ranar farawa don takardar ta yi tsaf, nan take duk sandunan suka bar wurarensu, domin Excel ba ya zana abin da aka ɓoye sai an umarce shi. In kuma aiki ɗaya ne kawai ya ɓace, ina fara duba ranarsa da ISNUMBER, mai nuna ko Excel na ganin ta a matsayin lamba. In ya ba da FALSE, an shigar da ranar ne a matsayin rubutu, sai a sake rubuta ta.