Rubutun Da Ke Ƙasan Bidiyon Waƙa

A shagonmu ba ma ɗora bidiyon waƙa a YouTube sai mawaƙi ya cike takarda guda. Da yawa sukan yi tsaki, su ce ai rubutu ne kawai, a rage musu kuɗi. Mutum ya kashe dukiya wajen ɗaukar hoto da ɗinkin 'yan rawa, amma layukan da za su sa a samo waƙar, su kuma nuna tasa ce, nan yake neman rangwame.

Mu ce sunan waƙar "Ƙofar Ɗaki". Gurbin take yana ɗaukar haruffa 100, amma a waya ana yanke ƙarshensa, don haka sunan mawaƙi da na waƙa ke zuwa gaba. Mai nema kuwa ba ya danna ƙ ko ɗ, `kofar daki` yake rubutawa. Shi ya sa muke sa rubutun daidai a take, sannan mu maimaita marar lanƙwasa a layin farko na bayani, domin layi biyu ko uku ne ake gani kafin a buɗe sauran. A nan muke sa baiti ɗaya ko biyu, kuma daga amshi muke ɗauka. Wanda ya ji waƙa a Adaidaita Sahu ko wajen biki bai san sunanta ba, abin da ya maƙale masa a kunne shi zai nema.

```
Kofar Daki (sabuwar waka)
"Na tsaya a kofar daki, sallama nake ba amsa"
```

Sai jerin waɗanda suka yi aiki, wanda nan ne rigima ke kwana. Muna rubuta mai rubuta baitoci daban da mai rerawa ko da mutum ɗaya ne, sai mai kiɗa, mai tace sauti, mai ba da umarni, mai ɗaukar hoto, mai haɗa hoto. Zabiyar da ta yi amshi a situdiyo sau da yawa ba ita ce ke motsa baki a bidiyo ba, kuma ita aka fi mantawa. Muna rubuta su duka biyu, kowacce da aikinta. Kowane suna sai mai shi ya turo yadda yake rubuta abinsa, don harafi ɗaya ya bambanta, ayyukan mutum sun rabu gida biyu wajen nema.

Haƙƙin mallaka kashi biyu ne: na waƙar kanta, wato baiti da karin, da na sautin da aka naɗa. Muna faɗin mai kowanne da shekara. Muna kuma sa lambar ISRC, wato lambar shaida ta abin da aka naɗa, mai gurbi 12: biyu na farko, uku na wanda ya yi rajista, biyu na shekara, biyar na aikin. Bidiyo da tasa lambar, ba a ara masa ta sautin.

Tambayar da ba ma tsallakewa ita ce ta kiɗa: saye aka yi gaba ɗaya, ko haya? Akwai masu kiɗan da ke sayar wa mutum uku kiɗa ɗaya ba su faɗa ba. Idan ɗaya daga cikin masu sayen ya riga ya shigar da tasa waƙar cikin Content ID, wato na'urar YouTube mai gano sautin da aka yi wa rajista, kana ɗora taka sai ka ga alamar iƙirari, kuɗin talla ya karkata wajen wani. Rubuta "haƙƙin mallaka namu ne" a bayani ba ya hana wannan, na'urar sauti take saurara. Abin da ke cetonka takardar yarjejeniya ce mai sa hannu. Da ita ake ƙalubalantar iƙirarin, kuma mai iƙirari yana da kwana 30 ya amsa. Iƙirari dai da sauƙi. Gargaɗin keta haƙƙi shi ne mai zafi, guda uku ana iya rufe tasha.

Kalmomin nema su ne ƙarshe, kuma ba ma ɓata lokaci a kansu. Gurbinsu haruffa 500 ne, ba ma cika shi. Abin da waƙar take shi muke rubutawa: `wakar soyayya`, `wakar biki`, `nanaye`, da `hausa song` saboda masu nema da Turanci. Masu kwaikwayon aikinmu a farashin banza sukan cusa sunayen manyan mawaƙan da ba sa cikin waƙar. Dokar dandalin ta hana, kuma wanda aka yaudara ya shigo, daƙiƙa goma ya fice.

Idan komai ya kammala, mukan tura wa mawaƙi da mai kiɗa rubutun ta WhatsApp, bidiyon yana ɓoye. Sai kowannensu ya amsa da "na gani" muke sake shi.