Ranar da alamomin rajista suka zame da layi ɗaya

Ƙarshen zangon karatu na biyu shugabar makarantarmu ta turo min hotunan rajistar aji biyu na ƙaramar sakandare, ta ce tana son sunaye da halartar kowane ɗalibi a Excel kafin Juma'a. Ɗalibai 48 ne, duka da rubutun hannu.

Na fara gwada manhajar waya mai ciro rubutu daga hoto. Sunayen ta ɗan taɓuka, sai dai "Moh'd" ta mayar da shi wani abu dabam. Alamomin kuwa sam. A rajistarmu karan safe yana jingina gefe guda, na rana ɗaya gefen, wanda bai zo ba a yi masa sifili, ita kuma ta riƙa karanta su kamar haruffa. Sai na haƙura na zauna bugawa da hannu. Lambar shiga a A, suna a B, sannan gurabe goma daga C zuwa L, safe da rana na kwana biyar. Wanda ya zo 1, wanda bai zo ba 0. Kada ma mutum ya gwada buga / a Excel, jerin umarni zai buɗe masa.

Da na gama mako na farko na haɗa jimillar kowace rana, ta yi daidai da wadda malamin ajin ya rubuta a ƙasan shafi. Har na fara murna. Allah ya sa na haɗa na kowane ɗalibi ma:

```
=SUM(C2:L2)
```

Daga layi na 23 zuwa ƙasa lissafin ya ƙi. Yarinyar da malam ya ba 10 ni na ba ta 6, wanda ke ƙasanta kuma ya cinye nata. Ashe littafin a lanƙwashe yake lokacin da aka ɗauki hoton, layukan suka karkace wajen ɗinkin tsakiya, idona ya zame zuwa layin maƙwabci. Jimillar rana ba ta iya kama wannan ba, tunda alamomin duk suna nan, masu su ne kawai suka canza.

Washegari na karɓo littafin da kaina. Na shimfiɗa shi a tebur kusa da taga, na danne gefuna, na ɗauki hoto daga sama tsaye, rabin shafi rabin shafi, kowanne da lambobin layi a ciki. Wajen bugawa kuma ina tsayawa duk bayan suna goma in gwada jimilla.

Akwai A'isha biyu masu sunan uba ɗaya, da na kusa goge ɗaya a zaton maimaici ne. Lambar shiga ce ta raba su. Gurabe bakwai da tawada ta dagule ban yi musu kintace ba. Na shafa musu launin ɗorawa na kai wa malamin, ya tuna biyar, biyun muka bar su babu komai.