Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Sa Hannun da Baffa Ya Hana Ni

Baffa, Allah Ya jiƙansa, yakan ce sa hannu ba gaisuwa ba ce. Ranar da na kai masa labarin rancen, ita ya maimaita, na yi dariya na ce, "Baffa, kamfani ne zai ci bashin, ba ni ba." Na yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, lauya ya gaya mini kamfani daban, aljihuna daban. Gaskiya ya faɗa. Ni ne na huda katangar da hannuna.

A 2022 ne, ni da abokin kasuwancina a Kwari muka nemi naira miliyan 40 don odar yadi, muka ba da sito jingina. Da aka zo ƙarshe, jami'in bankin ya turo wasu takardu ya ce, "Alhaji, wannan ta garanto ce, ƙa'ida ce kawai." Ana kiran sallar la'asar, na sa hannu a tsaye. Har da wata da na jera abin da na mallaka: gidan da muke ciki, mota, da filin matata Hajiya. Filin nan da kuɗin gadonta aka saya, sunana kawai ke kan takarda don ni na je wajen dillali. Na rubuta shi ne don a ga ni ma wani ne.

Naira ta karye a Yunin 2023, wannan kowa ya sani. Abin da ban sani ba shi ne abokina ya ƙara karɓo miliyan 15 da sunan kamfani. Da aka sayar da siton aka samu miliyan 30, saura da kuɗin ruwa ya kai 34, sai wasiƙa ta zo da sunana, ba sunan kamfani ba.

Na ce to, rabi zan biya. Lauya ya ɗora yatsa a layi biyu. Na farko ya ce na tsaya wa duk abin da kamfani zai ci, na yau da na gobe, babu iyaka. Na biyu ya ce banki na iya bin kowannenmu kuɗin gaba ɗaya. Abokina ba shi da ko akuya da sunansa, ya kuma kashe waya. "Da ka sa an rubuta iya miliyan 40, kan wannan rancen kaɗai," in ji lauyan. Yanzu yake gaya mini!

Gidan gadonmu ya tsira don har yau sunan mahaifinmu ke kai. Yaya da ya shekara goma yana hana rabo, ina jin haushinsa, ashe rufin asiri ne. Ban taɓa gaya masa ba.

Baffa bai ga ranar ba. Hajiya ce ta gani. Na shiga ɗakinta da takardar kotu, tana ninke kayan yara, ta ce, "Baban Abba, filina ma yana ciki?" Abin da na amsa mata sai mako mai zuwa.