Blogger ko shafin kanka: abin da nake gaya wa masu zuwa shagona

Sana'ata haɗa wa mutane shafukan intanet, ni da yara biyu a wani ɗan shago a Kano. Yawancin masu zuwa sun riga sun yanke hukunci tun daga gida cewa WordPress, wata manhajar haɗa shafi, suke so, don sun ji an ce shi ne na manya. Kafin mu yi maganar kuɗi nakan tambaye su wa zai riƙa kula da shafin bayan na miƙa musu, domin a nan hanyoyin biyu suka rabu.

Blogger na Google ne, kuma kyauta ne. Ka buɗe da adireshin Gmail ɗinka, ka yi rubutu, ka wallafa, shi ke nan. Babu sabuntawa, babu ranar da za a ce wa'adinka ya ƙare. Amma gidan haya ne: ba ka fasa bango, kuma in mai gida ya ga ka saɓa ƙa'idarsa yana iya rufe ƙofa, sai dai ka bi da roƙo. Ba ka da damar saka manhajar da za ta karɓi oda ko kuɗi yadda kake so. WordPress.com, wato kamfanin da ke ajiye maka shafin WordPress a wurinsa, shi ma haka yake a tsarinsa na kyauta, har da tallarsu a kan shafinka.

Shafin kanka kuwa abu biyu kake biya duk shekara, sunan shafin da wurin ajiya, wato domen da hostin. Manhajar WordPress ɗin kyauta ce, cikin cPanel, wato allon sarrafa hostin ɗin, ake girka ta a 'yan mintuna. Mutane farashin shekarar farko suke kallo, alhali sau da yawa na rangwame ne, na sabuntawa shi ne na gaskiya. In kamfanin na waje ne da dala za ka biya. Da bankuna suka hana katin naira biyan kuɗin waje a 2022, sannan naira ta faɗi a 2023, na ga shafuka sun mutu ba don komai ba sai rashin hanyar biya. Shi ya sa nake kai ƙananan 'yan kasuwa wurin masu karɓar naira, da suna mai ƙarewa da .com.ng.

Akwai wata Hajiya mai rubuta girke-girke a Blogger shekara da shekaru. Da ta fara sayar da yaji da daddawa sai ta so masu karatu su riƙa oda daga shafin. Na ce mata: "Hajiya, komawa WordPress ba wuya, tsofaffin adireshi ne aikin." Kwashe rubuce-rubucen mu zuba a WordPress bai ci mana yini ba. Matsalar ita ce duk girkin da ta taɓa turawa a WhatsApp, da duk wanda Google ya sani, adireshinsa na ɗauke da shekara da wata, ya ƙare da .html. In WordPress ya ba su sabon fasali, duk wanda ya latsa tsohon sai ya ga 404, wato ba a sami shafin ba. Sai muka shiga Permalinks, inda WordPress ke tsara fasalin adireshi, muka saka wannan:

```
/%year%/%monthnum%/%postname%.html
```

Duk da haka bai isa ba, saboda Blogger na gutsure dogon take idan zai mai da shi adireshi, WordPress kuwa yakan bar shi da tsawonsa. Dole yarona ya zauna da jerin tsofaffin adireshi yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, wanda bai buɗe ba ya gyara da hannu. Hotuna ma sai da muka sauko da su muka ɗora a sabon wuri, don rubutun ya taso amma hotunan na can wurin Google, shafin leƙo su kawai yake yi.

Abin da ya cece ta shi ne tun farko wani ɗanta ya saya mata domen na kanta ya haɗa da Blogger, abin da Blogger ya yarda a yi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Da a adireshin kyauta na Blogger, wato blogspot.com, take, da adireshin ba nata ba ne, sai dabarun tura mutane waɗanda ba kullum suke aiki ba. Don haka ko Blogger za ka zauna, sayi sunan, kuma da imel ɗinka a yi rajistarsa, kada ka yarda a yi da na mai haɗa maka shafi, ko da ni ne.

Yanzu Hajiya na biyana kuɗin kulawa duk wata. Aikin shi ne sabunta WordPress da ƙarin manhajojin da muka saka, ajiye kwafin shafin a wani wuri dabam da hostin ɗin, da duba takardar tsaro ta Let's Encrypt da ke sabunta kanta kafin wa'adinta ya cika. Shafin da aka bari ba kulawa, alamarsa ta farko ita ce ka neme shi a Google ka ga tallar caca ko magani a ƙarƙashin sunanka. Malamin da darasi kawai yake son wallafawa, ko marubuciyar da ba ta sayar da komai, nakan buɗe musu Blogger in haɗa da sunansu, in karɓi kuɗin aikin yini ɗaya.